Harsashi biyu a leda ɗaya: wanne ne na yaro, wanne ne nawa?

Maman Sauro Uku: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ku taimaka min da sauri. Autana ɗan shekara biyu tun jiya yake zazzaɓi da amai, duk siraf ɗin da na ɗura masa sai ya dawo. A asibiti sun rubuta masa na cusawa ta baya. Ni kuma dama an rubuta min maganin matsi saboda ƙaiƙayin gaba. Baban yara ya haɗa takardun biyu ya saya a kemis, mai kemis ya yanko daga kowane kati ya zuba a leda ɗaya, babu kwali, babu takardar ciki. Ga su a gabana: ɗaya guda huɗu a farin roba mai siffar harsashi, ɗaya guda shida a takardar azurfa. Shi kuma ya tafi kasuwar Kumo, wayarsa ba ta shiga. Wanne ne na yaron?

Goggon Bolari: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Mai tsinin nan kamar harsashi na baya ne, mai faɗi na gaba ne. Haka muka sani tun da can.

Nas Mai Ritaya: Goggo, sau da yawa hakan yake, amma ban yarda ta sa wa yaro magani da siffa kaɗai ba. Akwai na gaba masu tsini sak irin harsashi, akwai na baya masu siffar ƙwai. Ƙanwata, juya bayan kowane kati ki duba. Ko an yanka, yawanci sunan yana maimaituwa a jiki. Ki karanto min abin da kika gani da lambar da ke gefensa, ko rabin suna ne.

Maman Sauro Uku: Adda, farin robar an sa farasitamol 125. Na azurfar an yanke farkon, saura "tirimazol" da 100, sai wata kalma mai farawa da harafin V.

Nas Mai Ritaya: To alhamdu lillahi. Farasitamol 125 na yaron ne. Ɗayan kulotirimazol ne mai miligiram 100, naki ne, shi ya sa ya zo guda shida, ɗaya kowane dare har dare shida. Kalmar nan mai harafin V ita ce bajainal, ta gaba ke nan. Na baya in an rubuta za ki ga rektal, da harafin R. Ko mace ba ta jin Turanci, ta riƙe haruffan nan biyu, sun fi hoton bangon kwali amfani.

Amma kafin mu je ga yadda ake sawa, an ɗebi jininsa an gwada maleriya? Yaro mai aman duk abin da ya shiga bakinsa a ƙarshen damina, farasitamol ba ya warkar da shi, zafin kawai yake saukarwa.

Maman Sauro Uku: An gwada, akwai ta. Sun yi masa allura da safe, sun ce mu koma da daddare a yi ta biyu. Wannan na zafin jiki ne kafin lokacin.

Nas Mai Ritaya: Madalla. Kada saukar zafi ya ruɗe ki ki fasa komawa. In kuma ya fara fisge-fisge, ko ya kasa shan komai, ko kika tashe shi ya ƙi farkawa sosai, kada ki jira dare.

Yanzu da kwalin yana nan, takardar ciki za ta nuna miki hotuna kamar huɗu. Na farko hannuwa a ƙarƙashin famfo. Na biyu yatsu biyu suna yage robar daga wajen tsini. Wannan hoton shi mutane suka fi tsallakewa, kuma na taɓa karɓar yaro da aka cusa masa da robar gaba ɗaya, uwar tana mamakin zafi bai sauka ba. Na uku mutum kwance a gefe, ƙafar ƙasa a miƙe, gwiwar sama an naɗo ta zuwa ciki. Duk inda kika ga kwanciyar gefen nan, maganin na dubura ne. Na huɗu yatsa da kibiya.

Ga yaro ɗan shekara biyu, ki kwantar da shi a gefe ko ki kifa shi a cinyarki. Ki jiƙa bakin maganin da ɗigon ruwa mai sanyi, ki tura da ƙaramin yatsa har ya wuce zoben naman da ke matse bakin dubura. Za ki ji kamar an karɓe shi daga hannunki. In bai wuce zoben ba, yana yin nishi ɗaya zai tofo shi. Sai ki haɗe mazaunansa biyu da hannu na 'yan mintuna, ki lallashe shi ya zauna a kwance.

Maman Sauro Uku: Adda na ɓare ɗaya ya narke min a hannu kamar man shanu. Tun shekaranjiya ba mu ga wuta ba a Pantami, ɗakin kamar tanda.

Ɗan Kemis: Hajiya wannan ya tafi, ki zubar. An yi shi ne da wani irin kitse mai narkewa da ɗumin jiki, wajen digiri 37, shi ya sa akasarin kwalayen suke da lambar digiri 25 ko 30, ma'ana kada ajiyarsa ta wuce haka. Sauran ukun kada ki ɓare. Ki ƙulle su a leda ki jefa cikin ruwan randa ko ki nemi ƙanƙara a maƙwabta, minti kaɗan za su yi tauri. Sai kin shirya yaron tsaf sannan ki ɓare, ki sa nan take.

Kuma ni ma sana'ata ce, amma abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Idan za ka yanka kati ka rubuta a leda daban-daban. Matsalar ita ce kwali ɗaya takarda ɗaya yake zuwa da ita, in ka sayar wa mutum uku, biyu sun tafi hannu sake.

Goggon Bolari: Ki ɗan shafa basilin ya fi saurin shiga. Kuma ni a ganina 125 ya yi kaɗan ga zazzaɓi mai zafi, in da siraf ki ƙara masa cokali ɗaya in aman ya lafa.

Nas Mai Ritaya: Goggo ki yi haƙuri, yau sai saɓa miki nake. Basilin yana lulluɓe maganin ya hana shi narkewa yadda ya kamata, ruwa ya isa. Maganar ƙarin siraf kuwa, nan ne haɗarin yake. Na baya da na baki duk farasitamol ɗaya ne, hanta ɗaya suke zuwa. Mutane suna ɗauka abin da aka cusa ta ƙasa a ƙasa yake tsayawa, alhali jijiyoyin jinin wurin suna tsotse shi ya zaga jiki kamar an haɗiya. In ta sa 125 yanzu, babu wani farasitamol ta kowace hanya sai bayan awa huɗu zuwa shida, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ma'aikacin da ya rubuta ya ga nauyin yaron, mu ba mu gani ba.

Malamin Firamare: Adda Nas, tambaya. Ni na taɓa sa wa 'yata, bayan kamar minti biyar ta yi bayan gida. Na rasa ko in ƙara ko in bari.

Nas Mai Ritaya: Malam, in ka gan shi ya fito sukutum bai narke ba, bai yi aiki ba, ana iya sa wani. In ba ka gan shi ba, ko ya fito a narke, ba ka san nawa ya shiga ba, sai ka jira lokaci na gaba. Shi ya sa ake so yaro ya yi bayan gida tukuna in yana ji. Mai gudawa kuma ba a ba shi ta nan, ɓarnar magani ce.

Akwai guda ɗaya da dokarsa ta bambanta, atesunet na dubura mai miligiram 100, wanda ake sa wa yaro ƙasa da shekara shida mai maleriya mai tsanani a ƙauye kafin a kai shi asibiti. Shi in ya fito cikin minti 30 ana sa wani. Amma wannan na kan hanya ne, ba ya maye gurbin allura.

Ɗan Kemis: Adda, ni kuma akwai inda nake da ja. Kibiyar hoton tana nuna tsini ne gaba, amma wani malaminmu ya ce da gindin ake farawa, ya fi zama.

Nas Mai Ritaya: Ba ƙarya ya yi ba. Akwai binciken da aka yi a Masar aka buga a 1991 da ya nuna in aka fara da gefen mai faɗi, zoben naman yana matse tsinin ya tura shi ciki. Wasu nas-nas sun koma haka. Kamfanonin kuma har yau tsini gaba suke zanawa. Ni uwa a gida ina ce mata ta bi hoton, don tsini ya fi sauƙin shiga ga yaro mai mutsu-mutsu.

Ɗan Kemis: To ni dai na gwada wa ɗana da gindin kuma bai fito ba.

Nas Mai Ritaya: Ɗa ɗaya bai isa shaida ba, ɗana. Mu bar ta a nan.

Maman Sauro Uku: Na sa a randa ya yi tauri, ya shiga, ya yi kuka ya yi shiru. Allah ya saka. Saura nawa. Gaskiya kunya ta hana ni tambaya a asibiti, namiji ne ya duba ni. Ba a jiƙa shi a ruwa a yi tsarki da shi?

Amaryar Tumfure: Hhh wallahi ni haɗiya na yi a karon farko. Ƙwaya ce fara kamar kowace, na kora da ruwa dare biyu, ɗaci kamar maɗaci. Sai da yayata ta ga sandar robar a kwali ta tambaye ni me nake yi da ita, na ce na ɗauka ta ɗura wa yara magani ce.

Nas Mai Ritaya: Ba ke kaɗai ba ce, amarya. Wannan yawanci ba ya wuce tashin zuciya, sai dai ƙaiƙayin yana nan inda yake, kuma wanda ya haɗiyi na cusawa ya faɗa wa likita ko mai magani sunan abin da ya haɗiya, don ba duka ne masu sauƙi haka ba.

Hoton na gaba daban yake da na baya. Mace ce kwance rigingine, gwiwoyi biyu a tashe a buɗe. Wani kwalin kuma zanen rabin jiki ne kamar an tsaga mutum daga gefe, mafitsara a gaba, hanji a baya, hanyar haihuwa a tsakiya, da sanda a cikinta ta karkata zuwa baya. Wannan zanen shi ya fi ruɗa mata, don ba wanda ya taɓa ganin jikinsa a haka. Ki nemi inda ƙashin baya yake a zanen, daga nan za ki gane gaba da baya. Hanyar tsakiyar ita ce wadda jinin al'ada yake fitowa.

Sandar kuwa, ana jan abin turawar baya, a ɗora ƙwayar a bakinta, a shigar a hankali iya inda ba ya ciwo, a danna, a zare, a wanke ta da ruwa da sabulu. Ke da ba a ba ki sanda ba, yatsa mai tsabta ya wadatar, ki tura can ciki. Da daddare in kin gama komai za ki kwanta, shi ne ma'anar zanen wata da tauraro ko gado. In kika sa da rana kika tashi aiki, zubowa zai yi.

Ki jira kuma, kina da ciki?

Maman Sauro Uku: A'a Adda. Amma al'adata saura kamar kwana goma.

Nas Mai Ritaya: To fara yau ki gama kafin ta zo, don jini yana wanke shi. Na tambayi ciki ne saboda mai ciki ba ta amfani da sandar, yatsa kawai, kuma sai da sanin masu awo. Da safe za ki ga wani fari-fari kamar alli a wando, ragowar ƙwayar ce. In kuwa ƙwayar tana fitowa gutsi-gutsi ba ta narke ba, wurin ya bushe da yawa, ki koma a canza miki zuwa na kirim. Ko ƙaiƙayi ya tafi a dare na uku ki cika shida. Mai gida ya yi haƙuri kwanakin nan, kuma masu amfani da kwaroron roba su sani maganin yana iya raunana shi.

Amaryar Tumfure: Ni guda ɗaya tak aka ba ni a karo na biyu, na ce an cuce ni.

Ɗan Kemis: Ba a cuce ki ba, mai 500 ne, dare ɗaya. Mai 200 dare uku, mai 100 dare shida. Amma ina roƙon mata, ba kowane ruwa ne na wannan maganin ba. In akwai wari kamar na kifi, ko ruwan ya yi kore ko rawaya, ko ciwon mara da zazzaɓi, asibiti za a je.

Goggon Bolari: To ni 'yata da take neman haihuwa an ba ta wani mai tsini, likita ya ce ko gaba ko baya. Wannan kuma fa? Ashe R da V ɗin naku ma ba su raba gardama ba.

Nas Mai Ritaya: Yau kin kama ni, Goggo. Furojestaron ne, akwai irinsa da aka yi shi don hanya biyun, kuma takardarsa tana faɗin haka. Ta bi wadda likitanta ya zaɓa mata. Ga shi kuma mai tsini ne yana shiga gaba, kin ga ni ma na kama ki.

Hamma Direba: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo maganar mata. Tunda ana batun hoton kwali. Baffana yana fama da ciwon daji da ya taɓa ƙashin ƙugu, an sallamo mu da wani magani kamar filasta, guda biyar a kwali. A takardar an zana mutum gaba da baya, an yi duhu a ƙirji, dantse, gadon baya da gefen haƙarƙari. Na manna ɗaya a dantse jiya da yamma kamar yadda nas ta nuna, har dare bai ji sauƙi ba. Yanzu ƙanina yana cewa ai wuri huɗu aka zana, mu cika sauran ukun. Baffa kuma yana cewa a cire a mayar masa kan ƙugun da ke ciwo.

Nas Mai Ritaya: Hamma, kada ku ƙara ko ɗaya. Me aka rubuta a kwalin?

Hamma Direba: Fentanil, 25, sai wata alama da 72.

Nas Mai Ritaya: Ka kira ƙaninka yanzu ka hana shi. Wuraren da aka yi wa duhu zaɓi ne, ɗaya ake ɗauka, in za a canza a koma wani don fata ta huta. Wannan dangin mofin ne, maganin kashe ciwo mai tsanani, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Lamba 25 tana nufin maikurogiram 25 yake saki kowace awa, 72 kuma awannin da zai yi a jiki, kwana uku. Huɗu a lokaci ɗaya 100 ke nan a awa, ga tsohon da aka auna wa 25. Numfashi yake tsayarwa.

Rashin jin sauƙi jiya ba lalacewa ba ce. Na farko sai ya taru a ƙarƙashin fata kafin ya shiga jini, yana ɗaukar awa 12 zuwa 24. Ba su haɗa muku da wani na sha ba don tsakanin?

Hamma Direba: Akwai wani na ruwa, mun ɗauka an daina shi tunda an ba da filasta.

Nas Mai Ritaya: Yawanci don irin wannan giɓin ake bayar da shi. Ka kira inda suka sallame ku su faɗa maka adadi da lokaci, ni ba zan yanka maka ta waya ba.

Malamin Firamare: Amma Adda maganar Baffa da hankali a ciki. Filastan ciwon baya da muke saya mai yaji-yajin nan ai kan ciwon ake mannawa.

Ɗan Kemis: Iri biyu ne Malam. Naka a wurin yake aiki, shi ya sa bangon kwalinsa yake nuna gwiwa ko ƙugu da jan zane. Na Baffa fatar ƙofa ce kawai, jini yake bi. Haka na tazarar haihuwa, ana zana mazaunai, mara, dantse da gadon baya, ban da nono, guda ɗaya a mako har mako uku, na huɗu a huta. Mai ganin hoton mara sai ya ɗauka don kusa da mahaifa ne, alhali na dantse ma aikinsu ɗaya.

Nas Mai Ritaya: Hamma, abin da ya fi damuna da garin nan zafi ne. Ka duba takardar za ka ga gargaɗi a kan zafin rana da kwalbar ruwan zafi. Zafi yana sa maganin ya shiga jini da yawa fiye da ƙima. Ban da gasa jiki da tawul mai zafi kusa da wurin, ban da kwanciya a rana, ban da wanka da ruwa mai zafi sosai. In zazzaɓi ya kama shi ku sanar da likita. In kuka ga barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, numfashi ya yi ƙasa-ƙasa yana jinkiri, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, ku ɓalle filastan ku tafi asibiti da kwalin a hannu. Ɓallewar ba ta isa ba, don abin da ya taru a fata yana ci gaba da shiga na awanni da yawa.

Ran canji ka cire tsohon tukuna, da idonka ka gan shi a hannunka. Fata busasshiya, ba mai, ba sabulu, in da gashi a rage da almakashi, kada a aske da reza. Ka danna da tafin hannu daƙiƙa 30. Ba a yanka shi. Ka rubuta rana da lokaci a bayan kwali. Tsohon kuma ka ninke shi gefen danƙo ya haɗu da juna, ka kawar inda jikoki ba za su kai ba, don har yanzu da sauran maganin da zai iya kashe yaro.

Hamma Direba: Innalillahi. Da safe Inna ta gasa masa ƙugu da ruwan zafi, amma can ƙasa ne, ba dantsen ba. Yana zaune yana hira.

Nas Mai Ritaya: Tunda idonsa biyu yana hira, da sauƙi. A tsayar da gashin har ku yi magana da likitansa, kuma wani ya kwana kusa da shi yau.

Goggon Bolari: To wanka fa? Ga alwala in a dantse ne.

Nas Mai Ritaya: Ruwa mai ɗumi kaɗan ba ya ɓalle shi, kada dai a cuɗa wurin. Alwala iyakarta gwiwar hannu, dantse yana sama. Hukuncin wankan tsarki da abu manne a fata kuwa, ku kai wa malamai, ba fagena ba ne.

Maman Sauro Uku: Adda, jikin ya yi sanyi, ya yi gumi, har ya karɓi kunu cokali uku bai dawo ba. Ƙarfe biyu na sa masa. Ragowar biyun suna randa. Baban ya kira, ya ce mai kemis ya gaya masa wanne ne wanne, shi ne ya manta kafin ya iso gida. Yana hanya, bayan magariba za mu koma allurar.

Ɗan Kemis: Ki ce ya biya ta kemis ɗin ya ɗauki hoton takardun biyu a waya, ko ba za su ba shi ba.

Hamma Direba: Na samu ƙanina, har ya yage ledar na biyu amma bai ɓare bayan ba. A mayar kwali ko a zubar?